Jumlar Matsaya a Maƙalar Kwatanta Zakka da Bayarwar Kirista

Idan malamin nazarin addinai ya ba aji jinga cewa a kwatanta koyarwar addinai biyu a kan taimakon mabuƙata, yawancin takardun da za su dawo masa da magana iri ɗaya suke rufe gabatarwa: "Wannan maƙala za ta duba kamance-kamance da bambance-bambance tsakanin Musulunci da Kiristanci game da sadaka." Babu ƙarya a cikin wannan jumla, amma ba ta faɗi komai ba. Tambayar malamin ce aka mayar masa da wasu kalmomi. Ɗalibin da ya karanta littafi goma da wanda bai buɗe ko ɗaya ba, duka suna iya rubuta ta.

Abin da ake nema a wannan gurbin shi ne jumlar matsaya, wato jumla ɗaya ko biyu da ke ɗauke da amsar da ka samu bayan ka yi karatu, amsar da sauran shafukan za su kafa mata hujja. Hanyar gane ta mai sauƙi ce. Ka karanta wa wani mai sanin fannin. In zai iya ɗaga kai ya ce maka "ban yarda ba, kawo dalili", to ka sami matsaya. In kuwa abin da zai ce kawai shi ne "to, muna jin ka", har yanzu sanarwa ka yi. Ko da Turanci za ka rubuta jingar, ko da Larabci, ko da Hausa, aikin ɗaya ne, kuma a tunani ake yin sa kafin a kai ga zaɓen kalmomi.

Bari mu ɗauki jinga guda mu bi ta tun daga farko. An ce a kwatanta Musulunci da Kiristanci a kan bayarwa ga mabuƙata, a cikin shafi shida zuwa takwas.

Matsala ta farko ita ce girman sunayen biyu. Shafi takwas ba zai ɗauki "Musulunci" ba, ba zai ɗauki "Kiristanci" ba. A ɓangaren Musulunci akwai zakkar dukiya, da zakkar fidda-kai, da sadakar ganin dama, da waƙafi, da ciyarwar kaffara, kowanne da hukuncinsa. Ko a cikin zakka kaɗai malamai ba su zama murya ɗaya ba: Malikiyya da Shafi'iyya suna ganin a fitar da zakka daga kuɗin yaro ƙarami, Hanafiyya ba sa ganin haka. A ɓangaren Kiristanci akwai ushiri na Tsohon Alkawari, akwai baiko, akwai koyarwar Almasihu a cikin Linjila, akwai wasiƙun Bulus, sannan ikilisiyoyi sun sha bamban a kan ko ushiri ya hau kan Kirista a yau ko bai hau ba. Duk jumlar da ta fara da "Musulunci yana koyar da cewa" ko "Kiristanci yana koyar da cewa" tana neman ta yi magana da bakin waɗannan mutane baki ɗaya, kuma malamin da ya san fanninsa zai kawo maka misali guda ya rushe ta.

Saboda haka ka zaɓi nassi da za ka iya riƙewa a hannu, ka karanta shi daga farko zuwa ƙarshe. A jingarmu, daga ɓangaren Musulunci mun ɗauki babukan zakka na Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 996 Miladiyya. Littafi ne da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa tun da daɗewa, samun sa da fassararsa ba wuya. Daga ɓangaren Kiristanci mun ɗauki sura ta 8 da ta 9 na wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Korantiyawa, inda yake maganar gudummawar da ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya suke tarawa domin talakawan masu bi da ke Urushalima. Surori biyu ne kacal, amma babu inda aka yi doguwar magana a jere a kan tara kuɗin taimako a Sabon Alkawari kamar nan.

Akwai wani zaɓi da ke jan ɗalibai da yawa, kuma ya kamata a yi hattara da shi. Kiristoci masu jin Hausa sukan kira ushiri da sunan zakka, don haka ɗalibi sai ya ga kamar ya sami abin kwatantawa a shirye: nan ɗaya cikin goma, can ɗaya cikin arba'in. Amma ushirin da Attaura ta shimfiɗa, mafi yawansa na Lawiyawa ne masu hidimar wurin ibada. Na shekara ta uku ne Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ta haɗa baƙo da maraya da gwauruwa a cikin masu cin sa. Zakka kuwa aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa mutum iri takwas da ake ba, ta fara da faƙirai da miskinai. In taimakon mabuƙata ne batun jingarka, jera kason nan biyu zai ba ka lissafi, amma abubuwan da kake lissafawa ba aiki ɗaya suke yi ba. Ana iya rubuta maƙala mai kyau a kan ushiri da zakka, sai dai dole matsayarta ta fara da wannan bambancin na inda dukiyar take zuwa.

Bayan zaɓen nassi sai tambaya. Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin gaggawa. Kana buƙatar tambaya guda ɗaya wadda za ka yi wa nassoshin biyu, kowanne ya amsa maka da bakinsa. Tambayoyin da suka dace suna da yawa: wa ya cancanci a ba shi, me bayarwa take yi wa mai bayarwa, a ɓoye ake yi ko a bayyane, wa ke tarawa ya raba. Ɗaya za ka ɗauka. Wanda ya ɗauki huɗu zai ƙare da jadawali mai gida takwas, kowane gida da layi uku, babu abin da ya ɗaure su. Mu mun zaɓi wannan: wa ke yanke adadin abin da za a bayar?

Yanzu ka koma nassi da wannan tambaya, ka rubuta abin da ka gani da lambar babi ko aya a gefe. A Risala za ka tarar adadi a yanke yake. Zinariya ba ta da zakka sai ta kai dinari 20, wanda malaman wannan zamani da yawa suke ƙiyastawa da giram 85, kuma sai shekara ta zagayo mata a hannun mai ita. Sannan a fitar da ɗaya cikin arba'in. Mai giram 100 zai fitar da giram biyu da rabi, ko ransa ya so ƙari ko ya so ragi. Mai tumaki 40 zai ba da tunkiya ɗaya. A sharhin littafin, manomin da ya sami buhu 100 na gero da ruwan sama zai fitar da buhu 10, wanda ya sami irin wannan da wahalar ban-ruwa zai fitar da 5. Littafin kuma ya bayyana cewa wanda ya ƙi fitarwa ana karɓa daga gare shi ko ba ya so.

A wurin Bulus ba za ka ga lamba ko ɗaya ba. A 8:8 ya bayyana cewa ba umarni yake bayarwa ba. A 8:12 ya ce ana karɓar kyauta gwargwadon abin da mutum yake da shi. A 9:7 ya bar wa kowa abin da ya ƙudurta a zuciyarsa, ba tare da tilas ko ɓacin rai ba. To da me yake tura su? Da misalin Makidoniyawa da suka bayar alhali suna cikin talauci, da misalin Almasihu a 8:9, da kuma tunatar da su a farkon sura ta 9 irin kunyar da za a sha in baƙi suka zo suka tarar ba su shirya ba, bayan ya riga ya yabe su a gaban mutane.

Da wannan a gabanka, jumla ta biyu takan zo da kanta: "A Musulunci bayarwa wajibi ce, a Kiristanci kuwa ganin dama ce." Ta fi ta farko nesa ba kusa ba, domin ta faɗi wani abu da za a iya musantawa. Illarta ita ce musanta ta ba shi da wuya ko kaɗan, kuma gara kai ka fara yi kafin malami ya yi maka.

Ga yadda ake gwadawa. Ka raba jumlar gida biyu, ka nemo wa kowane rabi nassin da ya fi ƙarfin karya shi. Rabin farko ya ce bayarwa wajibi ce a Musulunci. To ina za ka kai sadakar ganin dama, wadda ba ta da nisabi ba ta da kaso, kuma Alƙur'ani da hadisi cike suke da kwaɗaitarwa a kanta? Ashe "zakka" kake nufi, ka rubuta "bayarwa". Rabi na biyu ya ce ganin dama ce a Kiristanci. Amma Bulus ɗin nan, da yake maganar wannan gudummawa a Romawa 15:27, ya kira ta bashi da ke kan masu bayarwa. A 1 Korantiyawa 16:1-2 ya tsara musu kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako. A Matiyu 25 an ɗora hukuncin ranar ƙarshe a kan ciyar da mayunwaci da tufatar da mara sutura. Malaman ikilisiya na ƙarni na huɗu, irin su Basil na Kaisariya, sun koyar da cewa rarar da mawadaci ya tare ta mabuƙaci ce. Abin da aka kira bashi, aka kuma ɗora hukuncin lahira a kansa, ba za a ce masa ganin dama kawai ba.

Ɗalibi yakan karaya a nan, ya ga kamar ginin ya rushe. Bai rushe ba. Gwajin ya nuna maka daidai inda bambancin yake, kuma ya fi inda ka zata ƙunci. Nassoshin biyu ba su rabu a kan ko akwai nauyi ba. Sun rabu a kan wanda ke auna nauyin. Wannan ƙaramin bambanci shi ne abin rubutawa, domin shi ne wanda hujjojin da ke hannunka za su iya ɗauka.

Sai jumla ta uku: "Risalar Ibn Abi Zaid da 2 Korantiyawa 8-9 duka suna ɗora wa mai bi nauyin bayarwa daga dukiyarsa, amma Risala ta yanke adadin da nisabi da kaso sananne, Bulus kuwa ya bar adadin ga mai bayarwa." Wannan gaskiya ce, kuma tana tsaye da ƙafafunta. Ɗalibai da yawa a nan suke tsayawa, su sami maki matsakaici, ba su san abin da ya rage ba. Abin da ya rage shi ne amsar tambayar da mai karatu zai yi: to sai me? Ka nuna bambanci, amma ba ka faɗi abin da bambancin ya haifar ba. Ka koma takardar da ka yi rubutu a kai. In adadi a yanke yake, ana iya sanin abin da mutum ya hana, har a karɓa da ƙarfin hukuma. In adadi a zuciyar mai bayarwa yake, babu wanda zai iya cewa ga abin da ya rage a kansa, don haka sai a bi shi da misali da roƙo da tunatarwa, wanda shi ne ainihin abin da Bulus ya cika surorin nan biyu da shi. Ka ga ke nan bambancin ya bayyana maka dalilin da ya sa nassi ɗaya ya cika da lambobi, ɗayan ya cika da lallashi.

Jumla ta huɗu, wadda za a miƙa: "Ko da yake Risalar Ibn Abi Zaid da 2 Korantiyawa 8-9 duka suna ɗora wa mai bi nauyin bayarwa, sun rabu a kan wanda ke yanke adadin: Risala ta ɗora shi a kan nisabi da kaso sananne, Bulus ya bar shi ga mai bayarwa. Wannan ne ya sa a Risala ana iya lissafa abin da aka hana a karɓe shi, a wurin Bulus kuwa lallashi ne kaɗai hanyar da ta rage."

Dubi abin da ke ciki. An ambaci nassoshin da sunansu, don haka ba wanda zai kawo maka ra'ayin Hanafiyya ko al'adar wata ikilisiya ya ce ka yi ƙarya. "Ko da yake" ta ɗauki abin da suka haɗu a kai, ta yadda mai karatu zai san akwai dalilin jera su wuri ɗaya. "Sun rabu a kan" ta ɗauki tambayarka. "Wannan ne ya sa" ta ɗauki sakamakon, kuma a nan ne naka tunanin yake, domin sauran duk wanda ya buɗe littattafan zai gani.

Akwai ƙorafi guda da ya rage, kuma mai nauyi ne. Wani zai ce ka kwatanta littafin fiƙihu da wasiƙa. Fiƙihu dama aikinsa yanke adadi, wasiƙar da aka rubuta wa jama'a guda a kan gudummawa guda kuwa dama lallashi za ta yi. Watakila bambancin da ka gano na irin rubutun ne, ba na koyarwar ba. Kada ka ɓoye wannan. Ka ba shi sakin layi guda a jikin maƙalar, ka amsa da abin da kake da shi: adadin zakka ba marubucin Risala ya ƙirƙiro ba, daga hadisai ya ɗauko, kuma Bulus da kansa ne ya ce ba umarni yake bayarwa ba, alhali a wasu batutuwa cikin wasiƙunsa yana ba da umarni kai tsaye. Amsar ba za ta share ƙorafin gaba ɗaya ba, kuma ba laifi ka nuna iyakarta. Malami ya fi amincewa da ɗalibin da ya ga ramin da ke gabansa ya faɗa.

Zan daɗe kaɗan a kan wani abu da ya fi duk waɗannan ɓata irin wannan jinga a ƙasarmu. Kusan kowane ɗalibi da zai rubuta ta mabiyin ɗaya daga cikin addinan biyu ne, kuma yana ƙaunar addininsa, wanda ba abin zargi ba ne. Amma ƙaunar takan shiga jumlar matsaya ta hanyar da mai rubutun ba ya lura. Wani lokaci a fili take: "tsarin zakka ya fi dacewa da kawar da talauci", ko "bayarwar Kirista ta fi tsarki domin daga zuciya take". Waɗannan hukunci ne da nassoshi biyu ba za su iya tabbatarwa ba, kuma na biyun ya manta cewa niyya sharaɗi ce a zakka, kuma Suratul Baƙara aya ta 264 ta gargaɗi mai ɓata sadakarsa da gori. Wani lokaci kuwa a cikin kalma ɗaya take ɓuya, kamar "kawai", ko "sai dai kash", ko a ce ɗaya "ya tsara" ɗayan "ya kasa tsarawa". Mafi muni shi ne a ɗauki koyarwar addinin mutum kamar yadda take a littafi, a jera ta da halin mabiyan ɗaya addinin kamar yadda ake gani a titi: nan aya, can labarin wani shugaban addini da ya ci kuɗin jama'a. Nassi da nassi ake kwatantawa, ko aiki da aiki. Gwajin da na fi amincewa da shi shi ne ka ba abokin karatunka na ɗaya addinin jumlar, ka tambaye shi ko ya gane addininsa a rabin da ya shafe shi. Ba sai ya yarda da matsayarka ba. In dai ya ce "haka ne, haka muke faɗa", ka yi adalci. In ya ce "mu ba haka muke cewa ba", ka koma nassi.

Ba dole matsaya ta zama ta bambanci ba. Wanda ya zaɓi tambayar ɓoye sadaka zai tarar Matiyu 6:1-4 da hadisin mutum bakwai da za a sa a inuwa ranar ƙiyama duka sun yi amfani da hoton hannun hagu da bai san abin da na dama ya bayar ba. Amma "duka suna yabon ɓoye sadaka" bai kai matsaya ba tukuna, sai an haɗa da aya ta 271 ta Baƙara, wadda ta yabi bayyanawa sannan ta fifita ɓoyewa, a kuma faɗi abin da wannan ya canja. Matakan dai su ne waɗanda muka bi.

Da jumla ta huɗu a hannu, tsarin maƙalar ya riga ya fito. Sashe na farko ya nuna nauyin bayarwa a nassoshin biyu, a taƙaice, domin ba nan gardamar take ba. Na biyu ya nuna yadda kowanne ya amsa tambayar adadi, da lambobin Risala da ayoyin Bulus a kusa da juna, ba a raba su shafi uku nan shafi uku can ba. Na uku, wanda ya kamata ya fi tsawo, ya nuna sakamakon. Sannan sakin layin ƙorafi. Duk abin da ka karanta wanda bai shiga ɗaya daga cikin waɗannan ba, ka ajiye shi, ko da ya burge ka. Tarihin rayuwar Bulus ba ya ciki. Yaƙin da Halifa Abubakar ya yi da masu hana zakka kuwa yana ciki, domin hujja ce a sashe na uku. Haka ma wakilan da ikilisiyoyi suka zaɓa su raka kuɗin zuwa Urushalima a 2 Korantiyawa 8:18-23 suna iya samun layi biyu, don su nuna cewa rashin yanke adadi bai hana a tsara riƙon amana ba.

Ka sa jumlar a ƙarshen sakin layin farko, ko na biyu in gabatarwar ta ɗan yi tsawo. Idan ka gama rubuta maƙalar, ka dawo ka karanta jumlar tare da jumlar farko ta kowane sashe, a jere. Sau da yawa za ka tarar rubutun ya kai ka wani wuri da ya ɗan kauce wa inda ka ce za ka, misali ka ga sashe na uku ya fi magana a kan masu tara dukiyar fiye da karɓa da ƙarfi. In hujjar da ke jikin maƙalar ta fi ƙarfi, jumlar za ka gyara ta dace da ita, sannan ka duba kammalawarka ko ita ma tana buƙatar wannan gyaran kafin ka miƙa.